Shaidar Zur ta Sanda a Bokitin Fenti

A shagunan kayan gini na Dapaong, kamar yadda ake yi a Sokode da Kano da Maraɗi, akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida har ta zama tamkar hukunci. Mai saye yakan sa a buɗe masa bokitin fenti, ya tsoma sanda ya ɗaga, ya dubi yadda fentin ke saukowa. Idan ya sauko a hankali yana jan jiki, sai ya ce mai kyau ne. Daga nan ya ɗaga bokitin da hannu, idan ya ji ya rinjaye shi, sai ya ƙara gamsuwa, ya biya kuɗi. Wannan gwaji ba shi da amfani ko kaɗan, kuma illarsa ta wuce rashin amfani, domin abubuwa biyun da yake yabawa, kauri da nauyi, su ne mafi araha da mai haɗa fenti zai iya ƙarawa. Mai sanda yana saka wa algus da kuɗinsa, sannan ya koma gida yana alfahari da iya ciniki.

Tushen ruɗanin shi ne an haɗa abubuwa uku an mayar da su ɗaya, alhali harshen Hausa da kansa ya raba su. Kauri daban, nauyi daban, abin da ke saura bayan ruwa ya ƙafe kuma daban. Kowace mace da ta taɓa tsayawa a gindin murhu ta san man gyaɗa ya fi ruwa kauri, amma idan aka zuba shi a tukunya sama yake tasowa, saboda litarsa ba ta wuce giram 920 ba, ta ruwa kuwa giram 1,000 ce. Ta kuma san cewa ludayi guda na garin kuka zai kaurara tukunyar miya ba tare da ya ƙara mata tsoka ko ɗaya ba. Masana'antar fenti tana da tata kukar. Garin sinadari ne da ake samu daga itace ko auduga, wanda ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin bokiti ya isa ya mayar da tsinkakken fenti ya zama kamar kunu. Babu laifi a yin amfani da shi, don kusan kowane fentin ruwa yana ɗauke da shi domin kada ya zurara daga bango. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki aikin kuka a matsayin shaidar nama.

Abin da ake saye a bokitin fenti shi ne abin da zai zauna a bango. Ruwa ko tina da ke ciki abin hawa ne kawai, yana kai kaya ya tafi. Kayan kuwa iri uku ne. Akwai launi, wanda a farin fenti mai kyau farin sinadarin taitaniyam ne, mai tsada. Akwai ciko, galibi garin alli, wanda ake saye da arha ƙwarai. Akwai kuma ƙaro, wato gam ɗin da ke riƙe ƙwayoyin launi da na alli ya manna su da siminti, shi ma mai tsada. Lita guda ta alli, in an cire iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa, tana da nauyin kilo 2.7, ta ƙaro kuwa kimanin kilo 1.1. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta sa bokiti ya rinjayi hannu ita ce a rage ƙaro a cika alli.

A Togo wannan magana tana da ƙarin nauyi, domin galibi da kilo ake rubuta girman bokitin fenti, saɓanin Nijeriya inda aka saba da lita. Bango bai san kilo ba. Faɗinsa da kaurin fatar da aka shimfiɗa masa ne ke cin fenti, su kuwa lita ce ke auna su. Wanda ya sayi kilo 25 bai san yawan abin da ya saya ba tukuna, sai ya san nauyin lita ɗaya.

A ƙaddara kwamitin wata makaranta a Nano, ƙauyen da ke kudu maso yammacin Dapaong a yankin Tandjouaré, ya tara kuɗi zai yi wa aji ɗaya fenti. Tsawon ajin mita 9, faɗinsa mita 7, tsayin bango mita 3. Idan aka cire ƙofa da tagogi, bangon ciki zai kai murabba'in mita 80, shafi biyu kuma 160. An kawo bokiti biyu daga Dapaong, kowanne kilo 25. Na farko ya fi kauri a sanda, ya kuma fi araha. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, amma irin waɗanda ake samu ne a fentin ruwa na kasuwa.

Kafin kowane awo sai an gauraya bokitin har ƙasa, domin alli yakan kwanta a gindi, musamman bayan tafiyar fiye da kilomita 600 daga Lome a bayan babbar mota da zaman wata da watanni a shago. Wanda ya ɗebi samfuri daga sama ruwa ya auna, wanda ya ɗebo daga ƙasa kuma laka. A juya a hankali, kada a kaɗa kamar fura, saboda kumfa za ta ɓata awon farko.

Awon farko shi ne nauyin lita. A ɗakin gwaje-gwaje ana amfani da wani ɗan kofin ƙarfe mai cin mililita 50 ko 100 daidai, mai murfi da ɗan rami a tsakiya. Ana auna shi babu komai, a cika shi da fenti, a danna murfin har rarar ta fito ta ramin, a goge, a sake aunawa. Ƙa'idar ISO 2811 ta ce a yi wannan a zafin digiri 23. A misalin Nano, mililita 100 na bokitin farko sun ba da giram 160, na biyu kuma giram 130. Ma'ana litar na farko kilo 1.60 ce, ta na biyu kilo 1.30. Idan aka raba kilo 25 da waɗannan, bokitin farko lita 15.6 ne, na biyu lita 19.2. Tun ba a je ko'ina ba, bokitin da hannu ya kasa bambantawa da ɗan'uwansa ya gaza shi da lita uku da rabi.

Awo na biyu shi ne busasshen kaso, wato abin da ke saura idan ruwa ya tafi. Ana auna ɗan faranti mai faɗi, a zuba masa kimanin giram ɗaya na fenti, a baje shi siriri, a sa a tanda mai zafin digiri 105 na tsawon awa ɗaya, a bar shi ya huce a rufe inda babu danshi, a sake aunawa. Wannan shi ne tsarin ISO 3251 ga fentin da ke bushewa a iska. Ana yin faranti biyu ga kowane samfuri, idan sakamakonsu ya yi nesa da juna a sake. Bajewar tana da muhimmanci: idan fentin ya taru wuri guda sai ya yi fata a sama ya kulle ruwa a ciki, sikeli ya ƙirga ruwan a matsayin kaya. A misalin nan bokitin farko ya ba da kashi 62.5 cikin ɗari, na biyu kashi 54.

A nan ne ɗan kwangila mai ɗan ilimi yakan faɗa ramin da ya fi na mai sanda zurfi. Zai ga 62.5 ta fi 54, ya ce takarda ta gaskata sanda. Bai lura cewa wannan kason na nauyi ne ba, kuma an riga an ga yadda alli ke sayen nauyi da arha. Lambar ba ta magana ita kaɗai, sai an haɗa ta da ta farko. Litar bokitin farko giram 1,600 ce, kashi 37.5 cikin ɗari nata ruwa ne, wato giram 600, wanda yake mililita 600. Saura mililita 400 na busasshen kaya, masu nauyin giram 1,000. Litar na biyu giram 1,300 ce, kashi 46 cikin ɗari ruwa, wato giram 598, kusan mililita 600 shi ma. Saura mililita 400, masu nauyin giram 700. Ashe kowace lita ta bokitan biyu fata iri ɗaya take bari a bango ta fuskar yawa, kashi 40 cikin ɗari. Fifikon da takarda ta nuna ya watse.

Idan ana son busasshiyar fata mai kaurin maikiron 40 a kowane shafi, lita mai kashi 40 za ta rufe murabba'in mita 10. Bokitin farko zai rufe 156, na biyu 192, aji kuwa yana bukatar 160. Wannan lissafin bango mai santsi ne, filastar siminti mai kaushi tana shan fiye da haka. Mai fenti da ya ga bokitin farko zai ƙare kafin kusurwar ƙarshe ya san maganin da zai yi, kuma rijiya ba ta da nisa.

Lambobin biyu suna da sauran bayani, kuma shi ne mafi tsanani. Busasshen kayan bokitin farko giram 1,000 ne a mililita 400, wato kilo 2.5 a lita. Wannan ya kusa da 2.7 na tsantsar alli, ya yi nesa da 1.1 na ƙaro. Idan alli ne mafi yawan garin da ke ciki, kamar yadda arahar ta nuna, ƙaron bai kai kashi ɗaya cikin biyar na fatar ba, watakila ɗaya cikin takwas. Na biyu kuwa giram 700 ne a mililita 400, wato kilo 1.75 a lita, kuma ko da a ce garinsa duka alli ne, ƙaro ya kusa kashi shida cikin goma. Fata ta farko ƙwayoyin alli ne da gam bai ishe su ba. Ita ce wadda ɗalibi zai jingina da ita ya tashi da farin baya, ita ce wadda tsumma mai ruwa zai wanke, kuma idan a bangon waje aka shafa ta, ruwan Agusta zai sauko da ita gindin gini. Sanda ta zaɓe ta, hannu ya zaɓe ta, rabin takarda ma ya zaɓe ta.

To ina amfanin auna kauri, idan kauri ba shaidar inganci ba ne? Amfaninsa shi ne sanin yadda fenti zai yi aiki a burushi ko a bindigar feshi, da kuma gane ko gwangwanin yau daidai yake da na jiya. Wannan ya fi shafar kafintocin Sokode da masu banish. Ana auna kaurin banish da fentin mai da wani kofi mai rami a gindi, irin wanda ake kira kofin Ford mai lamba 4, wanda ke cin kimanin mililita 100, faɗin raminsa kuma ya ɗan haura milimita 4. A toshe ramin da yatsa, a cika kofin, a share bakinsa ya yi daidai, a cire yatsa a danna agogo, a tsayar da shi a daidai lokacin da zaren ruwan ya fara tsinkewa. Amsar daƙiƙu ce. Ƙa'idar ISO 2431 tana da nata kofuna masu rami daga milimita 3 zuwa 6, kuma ta ce a zaɓi wanda zai ba da tsakanin daƙiƙa 30 da 100. Daƙiƙun kofi ɗaya ba su ne na wani ba, don haka lambar da ba a faɗi kofinta ba lamba ce marar uba.

Haka ma lambar da ba a faɗi zafinta ba. Man kaɗe da ke daskarewa da asubahin hunturu shi ne ke narkewa a tafin hannu a watan Afrilu, banish ma haka yake bin yanayi. Gwangwani ɗaya zai yi jinkiri a kofi da sanyin Janairu, ya zube da sauri a zafin bazara lokacin da Dapaong ke kusantar digiri 40. Kafintan da ya ce kamfani ya tsinka banish ɗinsa bana wataƙila rana yake zargi bai sani ba. Akasin haka ma yana faruwa: gwangwanin da aka bari a buɗe cikin iskar hunturu tinarsa za ta tashi, ya yi kauri, mai sanda ya yaba masa, alhali tsufa ya fara. Sannan banish mai kauri ba lallai ya fi kaya ba. Irin na feshi mai saurin bushewa yakan yi kauri sosai da busasshen kaso da bai wuce rubu'i ba, na mai kuwa yakan kai rabi ba tare da ya fi shi kauri ba, domin kaurin yana bin irin ƙaron ne.

Fentin ruwa na bango ba ya shiga wannan kofi. Halinsa shi ne ya tsaya cak idan an bar shi, ya saki jiki idan an motsa shi, shi ya sa yake bin burushi da sauƙi amma ba ya zurara bayan an shafa. A masana'anta ana auna shi da na'urar Stormer, wadda ke juya wani ɗan filafili a cikinsa sau 200 a minti, a karanta ƙarfin da juyawar ta ci. Wannan hali shi ne ƙarshen hujjar sanda, domin abin da sanda ke gani shi ne kaurin fenti a zaune, wanda bai faɗi komai ba game da kaurinsa a ƙarƙashin burushi.

Akwai uzuri biyu da ake kawowa, kuma na farko yana da ƙamshin gaskiya. Ana cewa babu ɗakin gwaje-gwaje a Nano, kuma babu mai ɗaukar cokalin fenti zuwa Lome saboda aji ɗaya. Haka ne. Amma ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayen zinariya, mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da sirinji mai mililita 20 daga kantin magani, sun isa a fitar da nauyin lita. A auna sirinjin babu komai, a cika shi da ruwa a auna don a san ainihin cikinsa, a busar da shi, a zuƙi fenti ba tare da kumfa ba, a sake aunawa. Fentin farko zai ba da giram 32, na biyu 26, kuma wannan tazara ba ta ɓuya. Busasshen kaso ma ana iya kusantarsa: giram biyu ko uku a baje siriri a kan takardar alminiyam, a shanya a rana a rufe daga ƙura, a riƙa aunawa har nauyin ya daina sauka. A yi saurin awon farko, domin a busasshiyar iskar arewa ruwa yana fara tashi tun fentin yana kan sikeli. Sakamakon ba zai tsaya a gaban alƙali ba, kuma yakan ɗan haura na tanda saboda ɗan ruwan da ya maƙale. Amma idan bokiti biyu aka shanya gefe da gefe a rana ɗaya, kwatancin yana da ƙarfi.

Wannan ɗan awo shi ne kuma ke kama ƙarin ruwa. Idan aka ɗauki lita huɗu na fentin kirki na misalin nan aka ƙara musu lita ɗaya ta ruwa, nauyin lita zai sauko daga 1.30 zuwa 1.24, busasshen kaso kuma daga 54 zuwa kimanin 45. Ɗan garin kaurarawa zai mayar masa da kamanninsa a sanda, amma babu garin da zai ɓoye shi daga awo biyun a lokaci guda, domin wanda ya zuba alli don ya gyara nauyi ya ɗaga nauyin busasshiyar fata, lissafi kuma zai nuna. Kwamitin da ya ajiye ɗan samfuri a kwalba mai murfi daga bokitin da ya saya, ya auna wanda ya tarar a hannun ma'aikata ranar aiki, ya san adadin ruwan da aka ƙara, ya kwatanta da wanda kamfani ya halatta a jikin bokiti.

Uzuri na biyu shi ne cewa tsohon mai fenti ya shekara talatin yana aiki, hannunsa ya san abin da sikeli bai sani ba. Hannunsa ya san abubuwa da yawa: yadda fenti ke bin burushi, yadda yake rufe tabo, lokacin da ya dace a yi shafi na biyu. Amma ana biyansa ranar da ya gama, bango yana sheƙi, kuma ba shi ne ke zaune a ajin ba bayan damina biyu. Ƙwarewarsa ta kwana ɗaya ce da aka maimaita sau dubu. Abin da ya faru da fatar bayan tafiyarsa ba ya dawowa hannunsa, sai dai a ce siminti ne bai bushe ba, ko yara ne suka cika ɓarna, a sake tara kuɗi, a sake kiransa.

Masu sayarwa ma suna da nasu kason na laifi. Kowace masana'antar fenti da ta amsa sunanta tana auna waɗannan abubuwa uku a kan kowane kwaɓi kafin ta zuba a bokiti, don da su take sanin ba a yi kuskuren awo ba. Lambobin suna nan a rubuce a takardar bayanin kaya. Ɗan kasuwan da ke sayar da bokiti babu nauyin lita, babu busasshen kaso, babu ranar da aka yi shi, cinikin biri a sama yake yi da jama'a. Hukumar da ke rubuta kwangilar ginin makaranta ta ce a shafa "fenti mai inganci, shafi biyu" ba tare da lamba ko ɗaya ba ta ba ɗan kwangila izinin kawo bokitin farko, kuma ba ta da bakin tuhumarsa daga baya. Layi uku sun isa: iyakar nauyin lita, mafi ƙarancin busasshen kaso da lita, da yawan ruwan da aka yarda a ƙara.

Awo ukun suna da iyakarsu. Ba su faɗin wane irin ƙaro ne a ciki, ba su rarrabe farin taitaniyam da alli kai tsaye, don haka fenti mai nauyi saboda yawan launi na gaske zai iya kama da mai alli a lissafi, ko da yake farashinsa da yadda yake rufe baƙin layi a shafi ɗaya za su raba gardama. Ba su kuma ganin dalma, wadda ake samu a wasu fentin mai masu launin rawaya da ja, kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Wannan sai na'ura ta musamman. Ga bangon aji kuwa, ana iya ƙara gwaji na huɗu da ba ya cin ko sisi: a shafa fentin biyu a kan bulo ɗaya, a bar su mako guda, sannan a goga kowanne da jiƙaƙƙen baƙin tsumma sau ashirin, a duba wanne ne ya biyo tsumman.